Kwalbatin da Bai Ce Ya Gyara Ba

Ban taɓa kiran sunan maigidana ba yana raye, ba kuma zan fara a takarda ba. Magini ne. Mutane da yawa a Makera suna kwana a ɗakunan da ya jera bulonsu da hannunsa. Ni kuma ina da ɗan shago a bakin titi inda nake buga wa mutane takardu da kwamfuta, irin su takardar neman aiki da katin biki da yarjejeniyar haya. Na gama sakandare, na yi shekara guda a makarantar koyon tafireta. Iyakar karatuna ke nan.

Muna da ƙungiyar ci gaban unguwa. Kowane gida wakili ɗaya, ana zama Lahadin ƙarshen wata bayan la'asar, lokacin da masu zuwa coci sun dawo sun huta, a wani aji na makarantar firamare. Da Hausa ake magana, wani ya surka da Turanci, wani da buroka idan ransa ya ɓaci. Amma rahoton zaman, wanda kowa ke kira minit, da Turanci ake rubuta shi, don kada wani ya ce an rubuta da harshen wani an bar nasa. Baba Sakatare ne ke rubutawa, wani dattijo da ya yi aikin sito a masaƙa kafin a rufe ta. Ni ce ke buga masa. Yakan kawo rubutun hannunsa, in buga, in fitar masa, ya liƙa a babban littafin ƙungiya.

A ƙarshen layinmu akwai kwalbati, nan ruwan unguwa ke bi ya gangara rafi. Ta kansa tifofi ke wucewa da yashi zuwa gidan bulo. Kafin saukar damina, maigidana ya shiga ƙarƙashinsa da tocila, ya fito da laka har gwiwa. Ranar zaman ƙungiya ya dawo gida ina tuƙa tuwo, ya zauna a kan turmi kamar yadda ya saba idan magana na cinsa.

"Na faɗa musu," in ji shi. "Rodin duk ya fito, ya yi tsatsa. Akwai tsagar da hannuna ke shiga har wuyan hannu."

"To me suka ce?"

"Na ce zan gyara shi idan aka rufe hanya mako huɗu. Ba na son ladan aiki. Amma kankare ba tuwo ba ne da za a ci da zafinsa, sai ya kama. Alhaji Ciyaman ya ce a bari sai bayan Sallah."

"Bayan Sallah ai ruwa ya sauka."

"Na faɗa musu," ya sake cewa, ya miƙa hannu in zuba masa ruwa.

Mako biyu bayan haka ya kwanta. Ba zan yi dogon bayani a kan ciwon ba. Ina tsakanin asibiti da shago Baba Sakatare ya kawo minit. Na buga shi a tsaye, da mayafina a kafaɗa da kwanon abinci a gefe, idona na kan haruffa, hankalina na kan gado na uku daga ƙofa. Mai buga takarda tana iya buga shafi guda ba ta san me ke ciki ba, kamar yadda mace ke tsince shinkafa tana hira. Na miƙa masa, ya yi mini ya mai jiki, na rufe shago.

A zaman da ya biyo baya aka karanta shi, maigidana na asibiti. Na san yadda ake yi, domin ya sha ba ni labari yana dariya. Baba Sakatare zai miƙe ya karanto Turancin da sauri, kansa a sunkuye, masu hira na hira, masu waya na waya. Ciyaman ya ce, "Akwai gyara?" Kafin ya rufe baki, Mai Faci, wanda ke gyaran taya a bakin titi, ya riga ya ɗaga hannu ya ce ya kawo ƙudurin a amince. Wani ya mara masa baya, a sa hannu, a wuce. Shekara da shekaru Mai Faci ne ke wannan aikin, har ana tsokanarsa da cewa hannunsa na tashi da kansa kamar jak. Shi ne babban aminin maigidana. Tare suke shan shayi kowace safiya.

Maigidana ya rasu a farkon damina. Na shiga takaba.

Ina cikinta, a watan da ruwa ba ya ɗaukewa, kwalbatin ya rufta da wata tifa cike da yashi. Ba a rasa rai ba, Allah ya tsare. Amma yashi da ɓaraguzai sun toshe hanyar ruwa, ruwan ya juyo ya shiga gidajen da ke ƙasa. Mutane sun yi asarar katifu da hatsi, katangar wata tsohuwa ta faɗi.

Kwana biyu bayan haka ina wanke-wanke, rediyo na kan taga, na ji an ambaci unguwarmu a labaran rana. Mai rahoton ya ce ya ga takardun ƙungiya. Ya ce wani magini, wanda yanzu marigayi ne, ya shaida wa taron unguwa cewa ya gyara kwalbatin. Sannan ya sauya murya kamar mai kwaikwayo, ya ce, "Na gyara shi da hannuna, in ji marigayin."

Na tsaya da kwano a hannu har kumfar ta bushe.

Ba wanda ya zo ya zage ni. Da ma an zage ni, da na san abin da zan amsa. Sai dai masu zuwa gaisuwa suka ragu, waɗanda suka zo kuma suka riƙa cewa, "Allah ya yafe masa kurakuransa," suna jan kalmar ƙarshe. Wata maƙwabciya da ruwa ya ci mata buhun masara ta ce da ni ta kan katanga, "Ai ba komai, Maman yara, aikin ɗan Adam ne. Wataƙila simintin ne bai isa ba." Mutumin da ya yi shekara talatin ba a taɓa kama shi da rage siminti ba.

Na sa aka ɗauko mini kwamfutar daga shago. Na buɗe minit ɗin watan, na karanta shi karo na farko, ni da na buga shi. Ga shi nan a sakin layi na huɗu. Abin da Turancin ke cewa shi ne, magini ya ce ya riga ya gyara kwalbatin, kuma an rufe hanya mako huɗu. Yatsuna ne suka buga kowane harafi.

Na kira Mama a waya. Mama ita ce ta koya mini tafireta, 'yar kudancin Kaduna ce, ta yi aikin sakatariya a ma'aikatar gwamnati har ta yi ritaya, kuma ita ke wakiltar gidanta a ƙungiya. Ta zo da lemarta da tabaraunta. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau ta dube ni.

"'Yata, wa ya buga wannan?"

"Ni ce, Mama."

"A ajina kika koyi bugawa da ido a rufe?"

Ta ga fuskata, ta sassauta. Ta jawo kujera kusa, ta ce ranar da aka yi maganar tana wurin, kuma ta ji abin da ya ce da kunnenta. Ranar da aka karanta ne ba ta nan, ta tafi jana'iza a ƙauye.

Ta nuna mini inda abin ya karkace. A Hausa, in ji ta, idan za ka ba da labarin maganar wani, mai maganar kawai kake sauyawa. Ya ce "zan gyara", kai ka ce "ya ce zai gyara". Aikin na nan a gaba inda ya bar shi. Turanci kuwa yana ja da maganar baya taki ɗaya idan an ce wane ya ce, amma taki ɗayan nan ba ya mayar da alkawari ya zama aikin da aka gama. Kalmar "will" takan koma "would", shi ke nan. Baba Sakatare ya tsallake ta, ya rubuta "had repaired", wato ya riga ya gyara. Sannan ya jefar da "idan", sharaɗin rufe hanya ya zama labarin cewa an rufe ta.

"Shi kuma na rediyo," in ji Mama, "ya tarar da ɓarna ya ƙara mata gishiri. Maganar da aka ba da labarinta ba a mayar da ita bakin mai ita a ce ga abin da ya faɗa kalma da kalma, sai in ka ji da kunnenka ko kana da faifai. Wa ya ba shi 'da hannuna'?"

Na ce, "To in gyara a kwamfuta in sake fitarwa, a liƙa a kan tsohon?"

Ta buga lemarta a ƙasa. "Kul! Ki yi haka ki zama mai jabu. Abin da taro ya amince da shi aka sa hannu, ba a kankare shi, ba a liƙe shi. Taro ne ya karɓa, taro ne zai gyara. Wani ya kawo ƙuduri, wani ya mara baya, a kaɗa ƙuri'a. A rubuta gyaran a minit na ranar, a koma gefen tsohon shafin a rubuta cewa an gyara wannan a zama kaza, Ciyaman ya sa hannu. Tsohon kuskuren ya zauna a wurin kowa ya gan shi."

Na aika a roƙi Baba Sakatare ya zo. Ya zo da yamma, ya tsaya a zaure, ni da Mama muna daga ciki. Na karanta masa layin, na tambaye shi ko haka maigidana ya faɗa.

Ya ce, "Hajiya, ni abin da aka koya mana na bi. Minit labarin abin da ya wuce ne. Komai ana mayar da shi baya."

Mama ta ce daga inda take zaune, "Baba, maganar ce ta wuce. Aikin bai wuce ba, ko farawa ba a yi ba."

Ya laluba aljihu ya fito da takardun da yake rubutu a kai lokacin zama. A bayan takardar ajanda yake yi, da Hausa, a gajarce. Ya nemo ta ranar ya miƙo. Abin da ke jiki shi ne: magini, kwalbati, gyara, rufe hanya, sati huɗu. Babu "zai", babu "ya", babu "idan". Ya ce sai bayan mako uku yake zama ya mayar da su Turanci, lokacin da zama na gaba ya matso. A mako ukun nan ya yi zazzaɓi, ya je biki Zariya. Da ya zauna rubutu, kalmomi bakwai ya tarar, ya haɗa su yadda suka hau.

"To Baba, za ka faɗi haka a taro?"

"Hajiya, ni da girmana in tashi in ce shekara goma sha wani abu ina rubuta shirme?"

"Layi ɗaya na ce."

"Wanda ya ga layi ɗaya zai nemi na biyu." Ya mayar da takardunsa aljihu. "Marigayi ya riga ya tafi inda maganar mutane ba ta isa. Ki bar wa Allah."

Na ce, "Na bar wa Allah mutuwarsa. Wannan kuwa mu muka rubuta, ni da kai."

Bayan kwana uku Alhaji Ciyaman ya aiko matarsa da ƙwaryar shinkafa da saƙo. Wai ya ji ina ta da maganar takarda, wai a yi haƙuri, tone-tone ba ya haifar da alheri, kuma mace mai takaba ba ta da kyau da hayaniya. Na karɓi shinkafar na yi godiya. Na san abin da ke damunsa. Sakin layi na biyar, wanda ke ƙarƙashin na maigidana, cewa ya yi Ciyaman ya ba da shawarar a ɗage maganar rufe hanya sai bayan Sallah. Muddin takarda na cewa an gyara, laifin na kan wanda ke kabari. Idan ta koma cewa za a gyara, kowa zai tambayi wanda ya ce a jira.

Na ce da matar, "Ki gaya wa Alhaji ba zan yi hayaniya ba. Zan ƙarasa kwanakina tukuna."

Na ƙarasa su. Wata huɗu da kwana goma, ban taka ƙofar gida ba sai da lalura. Na yi amfani da su wajen haddace abin da zan faɗa, domin na san idan na tsaya gaban maza zuciyata za ta iya rawa, kuma ba na son in ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faɗa. Wanda ya zo gyaran ƙari ba ya zuwa da nasa ƙarin.

Lahadin ƙarshen watan da na fita, na sa hijabina na tafi makarantar. Ajin ya cika, manya a takure a bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa tebur. Na zauna kusa da Mama. Da aka buɗe da addu'a iri biyu kamar yadda aka saba, Ciyaman ya hango ni.

"Hajiya, sannu da fitowa. Allah ya jiƙan malam. Sai dai zaman na wakilai ne."

"Ranka ya daɗe, gidanmu na cikin rajista?"

Ya dubi Baba Sakatare. Baba ya ce yana ciki.

"To ni ce wakiliyarsa. Mai zuwa ba zai sake zuwa ba."

Baba Sakatare ya karanta minit na watan jiya da saurinsa, Ciyaman ya ce akwai gyara, hannun Mai Faci ya tashi, aka wuce. Na bar su, domin ba shi na zo wa ba. Da aka zo kan sauran batutuwa, Mama ta miƙe ta ce tana da ƙuduri: a gyara sakin layi na huɗu na minit ɗin zaman da aka yi kafin damina, wanda aka riga aka amince da shi. Ta karanta yadda yake, ta fassara da Hausa a hankali. Na ga kawuna suna ɗagowa. Ina jin ranar ce aka fara jin abin da ke cikin littafin nan da harshen da aka yi maganar.

Ciyaman ya ce, "Madam, abin da aka sa wa hannu ya zama doka. In muka fara buɗe na baya, ba za mu tashi a nan ba sai Kirsimeti."

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "A bar matattu su huta mana."

Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ba ni wurin ranar, don haka ba zan ce na ji ba. Abin da ya gaya mini a gida na sani, kuma za ku ce matarsa ce. Ina da tambaya ɗaya a kan takarda, ɗaya kuma ga mutum. Ta takarda: layi na huɗu ya ce an gyara an rufe hanya. Layi na biyar ya ce a ɗage rufe hanya sai bayan Sallah. Wace hanya za a ɗage rufewa, in an riga an rufe ta? Akwai wanda ya taɓa ganin an rufe layinmu ko na yini ɗaya?"

Mai gidan bulo ya ce, "Ba a taɓa ba," kafin ya tuna bai kamata ya zama shi ya faɗa ba. Aka sake dariya, amma ba irin ta farko ba.

Na juya wajen Mai Faci. Tun rasuwar bai iya haɗa ido da ni ba.

"Malam, kai kana wurin. Kusa da shi kake zama. Kai ka ɗaga hannu aka karɓi takardar nan. Ban zo in kunyata ka ba, ni ma na buga ta ban karanta ba, laifina ya riga naka. Don Allah me ya ce?"

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Ciyaman ya fara cewa lokaci na tafiya, magariba ta kusa. Mai Faci ya miƙe.

"Cewa ya yi zai gyara." Ya yi gyaran murya. "Ya ce zai gyara in an rufe hanya sati huɗu, kuma ba ya son ko sisi. Har ya ce kankare ba tuwo ba ne. Na yi dariya, na ce masa to ai shi ya san tuwo." Ya dubi Ciyaman. "Alhaji, kai ka ce bayan Sallah. Ni kuma na ɗaga hannu a kan Turancin da ban ji ba. Shekara nawa ina yi. Na mara wa Madam baya."

Daga nan bakuna suka buɗe. Wani tela ya ce shi ma ya ji. Wani mai aikin asibiti ya ce ya tuna maganar tocila. Ashe duk sun sani. Kowa ya ji rediyo, kowa ya san ba haka aka yi ba, amma kowa ya ɗauka tunda takarda ta faɗa, wataƙila an yi gyaran wata rana da ba ya nan.

Ciyaman ya ce to a rubuta cewa an samu saɓanin fahimta. Na ce a'a. Ya ce a rubuta cewa iyalin marigayi na ganin ba haka ya faɗa ba. Na ce a'a, ba gani muke ba, kuma ba iyali ne suka shaida ba, mahalarta ne. Ya ce, "Hajiya, ke fa ko mutum ya ba ki hannu sai kin nemi kafaɗa." Na ce, "Layi ɗaya nake nema, ranka ya daɗe, kuma nasa ne."

Mama ta faɗi kalmomin gyaran ɗaya bayan ɗaya, da Turanci sannan da Hausa: magini ya ce zai gyara kwalbatin idan aka rufe hanya na mako huɗu. Aka kaɗa ƙuri'a. Ban ƙirga hannuwa ba, na dai ga sun fi waɗanda ke ƙasa yawa nesa ba kusa ba. Baba Sakatare ya buɗe tsohon shafin, ya rubuta a gefe da jan biro cewa an gyara wannan sakin layi a zaman yau. Ciyaman ya sa hannu ba tare da ya dubi kowa ba. Kafin a tashi, Mai Faci ya sake ɗaga hannu, aka fara dariya, ya ce wannan karon nasa ne na kansa: daga yau a riƙa fassara minit da Hausa kafin a tambayi gyara. Aka amince.

Na kai kwafin gyaran gidan rediyon da kaina, da hatimin ƙungiya a jiki. Mai rahoton saurayi ne mai ladabi. Ya ce, "Hajiya, ni daga takardarku na ɗauka." Na ce gaskiya ne, kuma ga takardar ta gyara kanta. Sannan na miƙa masa tsohon shafin na ce ya nuna mini inda aka rubuta "da hannuna". Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce salon labari ne, don mai sauraro ya ji abin a jikinsa. Na ce na ji shi a jikina.

Ya rubuta gyaran a gabana. Da farko ya sa wai matar marigayin ta yi iƙirarin cewa. Na ce ya cire "wai", ya cire "iƙirari", ya cire ni gaba ɗaya, domin ƙungiya ce ta gyara littafinta. Ya ce sai editansa ya gani. Bayan kwana biyu suka karanta a ƙarshen labaran rana, gajere, bayan sanarwar ɗaurin aure. Sun ce marigayin ya ce zai gyara idan aka rufe hanya, ba a kuma rufe ba, kuma kalmomin da aka jingina masa a rahoton farko ba nasa ba ne. Na san waɗanda suka ji na farko sun fi waɗanda suka ji na biyu yawa. Maƙwabciyata mai masara kuwa ta aiko mini da kunun gyaɗa ranar Juma'a.

Baba Sakatare bai yi mako uku ba wannan karon. Ranar Talata ya shigo shago da rubutunsa, ya ajiye a tebur ya ce yana sauri. Na ce ya zauna, yanzu ba na buga abin da ban karanta ba. Ya zauna a bencin masu jira yana kaɗa ƙafa.

Ya rubuta gyaran daidai, "would" ɗinsa na nan, "idan" ɗinsa na nan. Maganar Mai Faci ma daidai. Sai na zo inda ya ambace ni. Ya rubuta cewa matar marigayin ta roƙi taro cikin hawaye da a taimaka a duba maganar mijinta.

"Baba, na yi kuka?"

"To, ai an ga alamar..."

"Na roƙa?"

"Hajiya, ladabin rubutu ne. Mace a gaban manya, ai ba a ce ta tsaya ta yi ta ce-ce-ku-ce ba."

Na juya takardar na tura masa, na ɗora biro a kai.

"Tambaya biyu na yi, na ce a'a sau biyu. Rubuta ta tambaya. Rubuta ta ƙi."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce marigayi ma haka yake da taurin kai a kan ma'aunin siminti. Ya ja layi a kan nasa, ya rubuta nawa a sama. Na karanta har ƙasa, sannan na jawo allon bugun kwamfuta.